Ba kowace ƙwaya ake yankewa lokaci ɗaya ba

Ƙannena, idan ɗayanku ya yi niyyar barin shaye-shaye, ko yana son taimakon abokinsa ya bari, tambayar farko ita ce me ake sha takamaimai, ba ƙarfin zuciya ba. Ni ban yi wannan tambayar ba kuma saura ƙiris ta ci ran abokina.

Ni kodin na sha, lokacin kafin a hana sirof ɗin a 2018. Da na bari na sha wuya wallahi, hamma ba iyaka, majina, hawaye, zawo, amai, ƙasusuwa kamar ana sassaƙa su, bacci kuwa sai dai in ji labari. Abin ya fi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, bayan sati ya fara sakina. Haka kodin da tiramol da fenta suke, azaba ce ta gaske amma da wuya ta kashe mai lafiya. To sai na ɗauka duk ƙwaya haka take, ka daure sati ɗaya ka huta.

Shi abokin nawa na Tudun Wada baliyam yake haɗiya kullum, wato diyazifam, wadda yara ke ce wa D5, wani lokacin ya ƙara da roci, ita ma ƙwayar sa bacci ce irin diyazifam, ya fi shekara a haka. Na ce masa kai malam zubar da su yau ɗin nan, ni ma haka na yi. Kwanakin farko lafiya lau har muna murna, ashe diyazifam daɗewa take a jini kafin ta fita, shi ya sa matsalar kan jira kwana 2 har zuwa 7 kafin ta nuna kanta. Sai hannu ya fara rawa, gumi, ƙara kaɗan ta firgita shi, bacci ya ƙaurace, rannan kawai ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga har ya datse harshe. Mutanen gida suka ce iska ce a nemo mai ruƙiyya, Allah ya sa yayarsa ta dage sai asibiti.

Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa tana da birki da totur. Birkin wani sinadari ne GABA, totur ɗin kuma gulutamet. Giya da diyazifam da roci duk birkin suke dannawa, idan aka daɗe ana yi kullum sai ƙwaƙwalwa ta sassauta nata birkin ta kuma ƙara totur don mutum ya iya tashi ya yi harkarsa. Ranar da ka janye ƙwayar gaba ɗaya birki ya riga ya mutu, totur kuma a danne har ƙasa, jijiyoyi su ɗauki wuta a tare, wannan ita ce farfaɗiyar. Kodin ba ta nan take bi ba, barinta yana tada sinadarin firgici ne ya birkita ciki da jiki amma birkin yana nan.

Giya ta fi sauri. Wanda ya saba da ita kullum, rawar jiki kan fara awa 6 zuwa 12 bayan kofin ƙarshe, farfaɗiya cikin awa 48 na farko, a kwana na 2 zuwa na 4 kuma wasu su shiga ruɗewa mai zazzaɓi, zuciya na bugu da sauri, mutum na ganin ƙwari a bango bai san inda yake ba. Wannan tana kisa idan ba a kwantar da shi a asibiti ba. Kuma abin da zai ba ku mamaki diyazifam ɗin dai ake ba shi a asibiti, da bitamin B1, sannan a janye a hankali.

Abokina ma mayar da shi kan maganin aka yi, ana rage kusan kashi 1 cikin 10 duk sati biyu, ya ɗauki watanni. Irin wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, akwai su a asibitin koyarwa na Shika, akwai na Barnawa a Kaduna, kar ku ce za ku auna da kanku.

Su kodin ma ban ce ba haɗari ba. Zawo da amai na iya ƙarar da ruwan jiki musamman in an kulle mutum a ɗaki, a ba shi ruwan gishiri da suga. Mai ciki kar ta yanke da kanta, cikin na iya taɓuwa. Tiramol ita da kanta tana kawo farfaɗiya in an sha da yawa. Babban tarkon kuma bayan an bari ne, jiki ya manta sabo, mutum ya koma ya sha adadin da ya saba a da numfashi ya tsaya. Ga yaranmu haɗa su suke, kodin da roci a kwalbar lemo ɗaya, don haka wanda ya ce maka sirof kawai yake sha sake tambayarsa.

In ya fara jijjiga a gabanku ku kwantar da shi ta gefe, ku janye abin da zai buge, kar a cusa masa cokali a baki kar a ɗura masa ruwa, ku nemi mota sai asibiti, kuma ku faɗa wa likita sunan ƙwayar da ranar da ya sha ta ƙarshe ko da iyayensa na tsaye a wurin.