Imel uku a kan lamba ɗaya

Ranar Litinin da hantsi na ci karo da kuskuren. Wani babba a wurin aikinmu, wanda ya girme ni a shekaru da matsayi, ya turo mini daftarin rahoton wata uku don in daidaita shafukansa kafin a miƙa wa shugabanni ranar Alhamis da safe. A shafi na 4, jadawali na 2 ya nuna an horar da ma'aikata 412. Ni kuwa ni nake riƙe da takardun halarta, kuma na san mutum 367 ne. Da na bi layi-layi sai na gano inda aka samu tuntuɓe: rukunin watan Maris, mutum 45, an shigar da su sau biyu. Gyaran bai kai aikin minti biyar ba, amma rahoton nasa ne, sunansa ne a kai, ba ni da hurumin taɓa lambarsa ba da saninsa ba. Dole in rubuta masa.

Abin da na fara rubutawa shi ne: “Yallaɓai, lissafinka a jadawali na 2 ba daidai ba ne. Ka ƙirga mutanen Maris sau biyu. Ka gyara kafin Alhamis.” Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma da na karanta shi a bayyane sai na ji kamar malami ne yake maida wa ɗalibi littafinsa. Kowace jimla da shi ta fara, kuma kowacce yatsa take nuna masa: lissafinka, ka ƙirga, ka gyara. Da baki zan faɗa, da murya da fuska sun rage kaifin. Imel ba shi da murya, mai karantawa ne yake sa masa tasa, kuma wanda aka gaya wa ya yi kuskure ba kasafai yake zaɓar murya mai taushi ba. Na goge.

Na biyun shi ne na aika, kuma shi ne ya ci mini kwana biyu. Bayan doguwar gaisuwa na rubuta: “Na ɗan leƙa rahoton, ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ina ganin kamar wataƙila akwai wasu 'yan lambobi da za a iya sake dubawa idan an samu sarari, ko da yake mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba. A yi haƙuri da damuwa.” A kan saƙon kuma na sa “Game da rahoto”. Na ji daɗin kaina a lokacin, ina ganin na yi ladabi. Washegari amsa ta zo: “Madalla, na gode da kulawa.” Ranar Laraba da safe ya turo sabon kwafi, an gyara waƙafi nan da can, 412 kuwa tana nan daram.

Da fari na ji haushi, na ce a raina bai karanta ba. Sai na koma na karanta saƙon nawa kamar ni aka aiko wa, ina tsakiyar aiki, saƙonni sun taru. Wane shafi? Babu. Wace lamba? Babu. Me ake so in yi, kuma zuwa yaushe? “Idan an samu sarari.” Wanda ya rubuto ma ya ce mai yiwuwa shi ne bai gane ba. Mutumin ya karanta sarai, kuma ya amsa daidai da abin da na ba shi. Abin da ya fi damuna shi ne na faɗi abin da ba haka yake a zuciyata ba. Ba ni da shakka ko kaɗan a kan 367, takardun suna gabana, amma na ari shakka na yafa don kada a ce na yi rashin kunya. Da rahoton ya tafi haka, shi ne zai tsaya gaban shugabanni yana kare lambar da ba ta da tushe, alhali na sani na yi ta kewaye-kewaye. Ban kare martabarsa da komai ba, kaina na kare.

Kafin in rubuta na uku sai na ɗauki takarda na rubuta abubuwan da ba za su motsa ba ko da wa nake magana: inda matsalar take, lambar da ke ciki da wadda ta kamata, dalilin bambancin, abin da nake nema daga gare shi, da lokacin da nake bukatarsa. Waɗannan su ne ƙashin saƙon. Duk wani tausasawa sai dai ya zauna a kewayensu, ba a cikinsu ba. Ga abin da ya fita, da kan saƙo mai cewa “Rahoton wata uku: gyara a jadawali na 2 kafin Alhamis”:

“Ranka ya daɗe, barka da safiya. Ku yi haƙuri, saƙona na Litinin bai fito da maganar fili ba, shi ya sa na sake rubutowa. A shafi na 4, jadawali na 2 ya nuna mutum 412, takardun halarta kuma sun nuna 367. Bambancin mutum 45 ne, kuma ya zo daidai da rukunin Maris, wanda ya fito sau biyu, a layi na 6 da na 9. Na haɗo takardun da wannan saƙo. Idan kun amince, zan cire layi na 9 in maida jimillar 367, in gyara ta kuma a taƙaitawar shafi na 1. Ina roƙon amsarku kafin ƙarfe 3 na yau, don in kammala shafukan kafin a tashi. Idan akwai wani rukuni da bai shigo takarduna ba, ku sanar da ni in ƙara shi.”

Kafin azahar ya amsa: “Ka yi daidai, cire shi. Na gode.” Ya kuma ce in duba jadawali na 3 da irin wannan idon.

Na daɗe ina kwatanta na farko da na uku, domin na ukun ya ma fi na farkon faɗin gaskiya dalla-dalla, amma bai yi zafi ba. Babban abin da ya canza shi ne wanda jimlar take magana a kansa. A na farko, shi ne ya ƙirga sau biyu. A na uku, jadawali ne ya nuna, rukuni ne ya fito sau biyu. Kuskuren bai ragu da mutum ko ɗaya ba, an dai ɗauke shi daga wuyan mutum an ajiye a kan takarda, inda mu biyu za mu iya tsayawa gefe ɗaya mu dube shi. Kuma hakan ya fi kusa da gaskiya, don ban san ko shi ya shigar da layin da hannunsa ba ko wani ne ya haɗa masa jadawalin.

Sai dai wannan dabarar tana da iyaka, kuma a nan ne na biyun ya faɗi. Hausa ta ba mu “an” da “a” da “za a”, masu ɓoye mai aikin, kuma suna da daɗin amfani idan ana maganar laifin da ya riga ya faru: “an shigar da shi sau biyu” ya wadatar, ba sai an nemi wanda ya shigar ba. Amma idan aka kai ga aikin da ke gaba, ɓoye mai aiki ɓarna ce. “Za a iya sake dubawa” ba ta ɗora wa kowa komai, kowa zai ɗauka ɗayan ne zai duba. Shi ya sa a na uku na raba aikin da suna: ni zan cire, ni zan gyara, ku kuma amincewarku nake jira. Umarnin “ka gyara” ya koma neman izini, amma izinin abu guda sananne, wanda za a iya amsa shi da e ko a'a. Wannan ya bar hukunci a hannunsa, inda ya dace ya kasance, ya kuma rage masa aiki.

Maganar lokaci ita ta fi ba ni wuya. Ina jin nauyin in yanka wa babba wa'adi, sai in ga kamar na wuce gona da iri. Abin da ya warware mini shi ne haɗa lokacin da dalilinsa. “Kafin ƙarfe 3” shi kaɗai umarni ne. “Kafin ƙarfe 3 don in kammala shafukan kafin a tashi” bayani ne na yadda aikin yake, kuma babba ya fi kowa sanin cewa aiki yana da lokaci. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan ba. Wanda na ga yana ɓata rai shi ne “da gaggawa” ba tare da an faɗi ranar ba.

Shakka kuma ban kore ta gaba ɗaya ba, na ba ta wuri ɗaya ne, a jimlar ƙarshe, kuma shakka ce ta gaske: zai yiwu a ce akwai rukunin da aka horar ba a kawo mini takardarsa ba. Wannan ƙofa ce da zai iya shigowa ta ciki idan yana da bayanin da ba ni da shi, ba tare da ɗayanmu ya ji kunya ba. A saƙon Litinin kuwa na jera “ina ganin”, “kamar”, “wataƙila”, “'yan”, “mai yiwuwa” a jimla guda, kowacce tana cin wani yanki na maganar har ba abin da ya saura. Yabon da na fara da shi ma ya taimaka wajen ɓatar da shi, don wanda aka ce wa aikinsa ya yi kyau ƙwarai ya riga ya samu amsar da yake nema tun a layin farko. Haƙuri ma sau ɗaya na bayar a na uku, a kan abin da na yi da gaske, wato rashin fito da magana fili.

Wani abu da na kusa yi ranar Laraba, Allah ya taimake ni ban yi ba, shi ne sa shugaban sashenmu a Cc, wato shi ma ya samu kwafin saƙon, don maganar ta yi nauyi. Da na yi, duk taushin kalmomin ya tashi a banza, domin gyara a gaban shaida ƙara ce, komai ladabin da aka rubuta ta da shi. Na kuma cire “kamar yadda na faɗa a baya” da na fara sawa, tunda a gaskiya ban faɗa ba.

Yanzu kafin in aika irin wannan saƙo, ina rufe gaisuwa da godiya da tafin hannu in karanta abin da ya rage a tsakiya. Ina tambayar kaina ko wanda bai san komai a kan maganar ba zai iya buɗe shafin, ya sa yatsa a kan lambar, ya faɗi abin da ake so ya yi da ranar da ake so. Daga nan sai in bi jimlolin in ga nawa ne suka fara da “ka” ko “kun” a wurin da ake maganar kuskure, in juya su su koma kan takarda. Jadawali na 3 da ya ce in duba, na samu kwanan wata guda da ya saɓa da takardun. Layi uku na rubuta masa, ya amsa da kalma ɗaya: “Gyara.”