Godiyarmu bayan rasuwar Yaya, da maganar da Baba ya yi mana a zaman makoki

Assalamu alaikum. Sai yau na samu na zauna da wayata a hannu ba don amsa gaisuwa ba. An naɗe tabarmi, masu kujeru sun zo sun kwashe kayansu, layinmu na nan Agege ya koma yadda yake. Duk kun san yadda jinyar Yaya ta kasance da yadda Allah ya karɓi abinsa, ba sai na maimaita ba, kuma gaskiya ba ni da ƙarfin maimaitawar. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, da waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yafe mini. Allah ya ba kowa ladan zumunci.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a kwanaki ukun nan. Tun daga daren da muka ɗauki Yaya zuwa asibiti, cunkoso ya tsare mu a hanya, kansa yana kan cinyata a bayan mota, kalma ɗaya ce ta riƙa cina: da. Da mun fita tun la'asar. Da mun bi ta wata hanyar. Da na matsa masa ya koma gida Arewa tun da ciwon ya fara. Ina amsa wa mutane "haƙuri sai ma'aiki", bakina yana faɗa, amma zuciyata tana can cikin motar nan. Sai kuma aka kira daga gida ana cewa me ya sa ba a ɗauko gawar an kawo ta cikin dangi ba, har wani ya ce mun binne shi a bariki kamar marar kowa. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don ni na ce a yi masa sutura a nan.

Ranar uku, bayan la'asar, da liman ya shafa addu'a, sai dattijon unguwarmu, wanda duk muke kira Baba, ya ce a ɗan dakata. Masu zama a nan sun san shi. Fataucin goro ne ya kawo iyayensa Agege, a nan aka haife shi, a nan ya tsufa, Yarbanci a bakinsa kamar Hausa. Bai tashi tsaye ba, ƙafa ba ta bari. Ya jingina sandarsa da kujera, ya sa aka ɗage labulen ƙofar tsakar gida don mata su ji.

Ya fara da cewa shi ba zai hana kowa kuka ba. Ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Baba ya ce to ku lura, ba a ɗaure ido ba, ba a ɗaure zuciya ba, harshe aka ɗaure. Wanda ya yi kuka har ya gaji bai fita daga haƙuri ba. Abin da ke fitar da mutum shi ne kururuwa da yaga tufa da marin fuska, da kuma maganar da ke nuna kamar an yi kuskure a wajen hukuncin.

Daga nan ya juyo ya dube ni. Wallahi ban gaya masa komai ba. Ya ce: "Ɗana, kwana uku ina kallonka. Kai ba kuka kake ba, lissafi kake." Ya ce akwai hadisin da Annabi ya ce idan wani abu ya same ka, kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Ya ce lokacin neman dabara shi ne sa'ad da mutum yake da rai, kuma kun nema, kun ɗauke shi cikin dare, kun kashe abin da kuke da shi. Da rai ya fita, dabara ta ƙare, abin da ya rage na masu rai shi ne Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sunkuyar da kai, sai ga hawayen da suka ƙi zuwa ko a bakin kabari. Wani ya miƙo mini ledar fiya wata, har yanzu ban san ko wane ne ba. Allah ya shayar da shi daga Alkausara.

A kan maganar binnewa, bai ambaci sunan kowa ba. Ya karanto ƙarshen Suratu Luƙman, inda Allah ya ce babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Ya ce sunna ita ce a gaggauta jana'iza, to a ɗora bawan Allah a mota a yi kwana da yini ana tafiya da shi cikin zafi, wa aka yi wa gata, shi ko mu? Ya ce mahaifinsa da mahaifiyarsa da 'ya'yansa biyu duk suna kwance a ƙasar Agege, kuma shi ma nan yake sa ran kwanciya. "Mutumin da sahu ya fito daga masallaci har bakin titi a sallarsa, ba za a ce ba shi da kowa ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kai, ya wuce.

Inda ya fi daɗewa shi ne kan matar Yaya, don ya ji ana shirin sa ta a mota da yara a ƙarshen mako a mayar da ita gida. Ya ce a'a, a bi a hankali. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kamar yadda ya zo a aya ta 234 a Suratul Baƙara, ana ƙirgawa daga ranar rasuwa da watan Musulunci, ba na bature ba. Idan kuwa akwai ciki, sai ranar da aka haihu, ko ta yi kusa ko ta yi nisa. Kuma a ɗakin da mijinta ya bar ta take yin ta. Ya kawo labarin Furai'a, 'yar'uwar Abu Sa'idil Khudri, wadda aka kashe mijinta ta nemi komawa wajen danginta, Annabi ya ce ta zauna a ɗakinta har wa'adi ya cika. Sai ya tambaye ni a gaban kowa: kuɗin hayar bana, marigayi ya biya? Na ce ya biya na shekara, saura wata bakwai. Ya ce to a mazhabarmu ta Malikiyya, idan gidan na mamaci ne ko ya riga ya biya haya, zaman ɗakin haƙƙinta ne, ba alfarma ba. Ba ta ado, ba ta turare, ba ta kwana a wani gida, amma idan buƙata ta kama, asibiti ko cefane, tana iya fita da rana ta dawo. Sai dai in akwai tsoro a kanta ko an tashe ta daga gidan, sannan a yi maganar ƙaura. Ya ce ba a ce wa mace ta yi haƙuri sannan a bar tukunyarta a bushe, ya tuna mana cewa ranar da labarin shahadar Ja'afar ya zo, cewa aka yi a dafa wa iyalinsa abinci, ba su su dafa wa baƙi ba. Na ji shesshekarta daga bayan labule.

Na ƙarshe shi ne bashi. Ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Ya jera mana yadda ake bi: kuɗin sutura, sannan bashi, sannan wasiyya in akwai, kuma ba ta wuce sulusi, sai abin da ya rage a raba gado. Ya ce kada wanda ya taɓa kayan rumfar Yaya a kasuwar Mile 12, ko buhu ɗaya, sai an buɗe littafi. Kun san harkar albasa, kaya yakan zo daga Aliero a kan amana, sai an sayar a tura kuɗi. Washegari muka buɗe littafin a gaban mutum biyu. Muka tarar akwai buhu goma sha takwas da ba a biya masu su ba, akwai kuma kuɗinsa a hannun masu sari, ga zubin adashi da ya ɗauka bai gama ba. Da an raba kayan nan yadda aka so tun farko, da haƙƙin mutane muka ci ba mu sani ba, muka bar shi da nauyin.

Baba, na san jikokinka za su karanta maka wannan. Allah ya saka maka da Aljanna, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya jiƙan naka da ke kwance.

Na san ba a saba bayyana mai alheri ba, kuma wasu za su ji nauyi, amma ku yi haƙuri da ni. Direban da ya bar lodinsa ya ɗauke mu a daren nan, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Liman da ladan da suka yi wanka da likkafani. Samarin da suka haƙa kabari cikin taɓo, ruwa yana sauka a kansu. Mai shayin bakin layi da ya riƙa aiko da buta cike safe da yamma. Abokan sana'ar Yaya da suka rufe rumfunansu a ranar da kaya ya sauka, kowa ya san asarar da ke cikin haka. Sai mai gidan hayarmu, dattijuwa Bayarabiya, ba addininmu ɗaya ba, ita ta biya kuɗin rumfa da kujeru, ta zauna da matar Yaya har dare tana riƙe da hannunta. Matan unguwa kuwa ba su bar mu mun hura wuta ba ko sau ɗaya. Allah ya duba bayanku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya raya muku zuriya, ranar da taku ta zo Allah ya kawo masu tsaya muku fiye da yadda kuka tsaya mana.

'Yan'uwa na gida da ba su samu zuwa ba, na san hanya da nisa, kuɗin mota kuma ba wasa ba. Sai dai yaran nan sun yi ta tambayata ko kawunansu suna hanya, na rasa amsar da zan ba su. Ba na riƙe da kowa. Lambar mahaifiyarsu ba ta canja ba, kuma tana nan a ɗakinta har takaba ta fita.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya raya abin da ya bari, ya shirya su, su zama masu yi masa addu'a. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Duk wanda ya san yana bin Yaya wani abu, ko da ba a rubuce yake ba, ko kuma Yaya yana bin sa, don Allah ya same ni a rumfarsa. Ina can kullum daga safe zuwa azahar, littafin yana hannuna.