TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Baƙon Indiya da baƙin akwati

Assalamu alaikum jama'a, mun dawo. Wancan satin na tsaya a inda aka mayar da ni risefshon daga wajen wanki da guga a otal ɗin da nake aiki, toh yau labarin wani baƙo zan ba ku wanda saura kiris a kori yaron da bai ji ba bai gani ba saboda shi.

Masu tunawa sun san a watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja na sati shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkato da jiragen zuwa Kaduna. Wallahi garin nan ya ga baƙi a lokacin, wasu suna sauka a kwashe su a bas sai Abuja, wasu su wuce Rigasa su hau jirgin ƙasa, waɗanda yamma ta yi musu kuma su kwana a otal irin namu. Ɗakunanmu ba sa kwana ba kowa, mu kuma ƙafa har kumbura take yi don tsayuwa.

Ranar ina aikin yamma, bayan la'asar tasi ta sauke wani ɗan Indiya, dattijo mai furfura, injiniya ne ya zo duba injina a wata masana'anta a Kakuri. Jaka ɗaya a kafaɗa, baƙin akwati ɗaya mai taya. Na karɓi fasfo na cike masa kati, na rubuta kaya guda biyu a littafi kamar yadda muke wa kowa, Auta yaron da ke ɗaukar kaya ya ja akwatin ya raka shi sama. Shikenan na ci gaba da sallamar wasu.

Ko sallar magariba ba a kira ba sai ga mutumin nan ya sauko yana jan akwatin yana faɗa, Turancin nasa da sauri ga shi ransa a ɓace, da ƙyar nake tsintar rabi. Abin da na gane shi ne makullin akwatin mai lamba uku ya ƙi buɗuwa, wai lambar da ya shekara yana amfani da ita, saboda haka an canza masa akwati a nan otal ɗin kuma babu wanda ya taɓa shi sai Auta. Yana nuna yaron da yatsa. Mutane cike a wajen kowa ya juyo. Manajanmu kuwa irin mutanen nan ne da in baƙon waje ya ɗaga murya to ma'aikaci ne mai laifi tun kafin a ji ba'asi, har ya ce wa maigadi a rufe get. Auta ya matso kusa da kanta idonsa ya kawo ruwa, ya ce "Anti wallahi tallahi daga nan sai ɗakinsa, ko tsayawa ban yi ba."

Na ce masa koma gefe ka yi shiru. Na ce wa manaja "Oga a ba ni minti goma kafin a kira kowa." Sai na zagayo daga bayan kanta, na roƙi baƙon mu zauna a kujerun gefe, na sa aka kawo masa ruwan sanyi. Ban ce masa ya yi kuskure ba don a lokacin ni ma ban gama tabbatarwa ba, tambayarsa kawai na yi me ke cikin akwatin da ya fi damunsa. Nan muryarsa ta sauka, ashe maganin hawan jininsa ne a ciki da wasu takardun aiki, kuma da safe zai sha maganin. Ni a ganina tsoro ne ya fi yawa a faɗan nasa.

Daga nan na ce ya nuna min katin shiga jirgi. Duk wanda ya ba da akwati a filin jirgi ana ɗaura wa hannun akwatin wata doguwar farar takarda, a kuma manna masa ƴar ƙaramar sitika a bayan katinsa ko jikin fasfo, su biyun lamba ɗaya suke ɗauke da ita. Mutane ba sa kula da ƙaramar, wasu ma a jirgi suke yar da ita, alhali ita ce shaidarka kaɗai. Lambar doguwa ce amma shida na ƙarshe sun isa. Na ɗora sitikarsa kusa da takardar akwatin, jirgi ɗaya, rana ɗaya, duka an buga KAD wato Kaduna, amma lambobin sun sha bamban, ga kuma sunan wata mata da ƙananan baƙaƙe a gefen takardar.

Toh ka ga wannan takarda ba mu muke ɗaura ta ba, kuma in ta manne ba ta ɓantaruwa a mayar ba tare da ta yage ko ta yamutse ba, wannan kuwa lafiyarta ƙalau. Ma'ana tun daga kan bel ɗin kaya a filin jirgi ya ɗauko na wani. Ban furta ba, juya masa takardun na yi na ce "Yallaɓai taimaka ka karanta min, idona ba ya gani sosai." Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, sai ya dafe kai. Gara ya gani da idonsa, da ni na faɗa a gaban jama'ar nan musu za mu shiga.

Saura kuma ina nasa yake. Abu biyu ne, ko mai wannan akwatin ta tafi da nasa, wanda in ta hau bas ɗin Abuja mun shiga uku, ko kuma yana nan an ajiye. Na kira teburin kaya na kamfanin jirgin na karanta musu lambobin biyu, mutumin ya ce Alhamdulillahi, ai tun ɗazu wata Hajiya ke zaune a gabansa ta cike fom ɗin ɓatan kaya ta ƙi tafiya, baƙin akwati ɗaya kuma ya rage a kan bel ba mai shi. Ita ta duba takarda ta ga ba sunanta ba ta ƙi ɗauka, Allah ya saka mata. Ya ce mai kayan ya zo da kansa da fasfo da sitika, ba sa ba ɗan aike, kuma kar a kuskura a fasa makullin na Hajiya, in an fasa duk abin da ta ce babu mu za mu biya. Lokacin ma wani har ya tafi neman sukudireba, na ce a dawo da shi.

Direban otal ya ɗauke shi suka bi ta Mando, hanyar da ɗan nisa ga shingen jami'an tsaro da aka ƙara saboda baƙi, sai bayan isha'i suka dawo. Direba ya ce Hajiyar ƴar kasuwa ce, abayoyi da turare ne cike a akwatin na masu oda, ta buɗe a gabansu ta ƙirga kayanta tsaf sannan ta yi wa dattijon faɗa da Hausa, shi kuma yana ta haɗa hannu yana ba ta haƙuri ba tare da ya san me take cewa ba.

Da ya shigo bai wuce ɗaki ba, Auta ya nema, ya ba shi haƙuri a daidai inda ya zarge shi, ya miƙa masa kuɗi yaron ya ƙi karɓa sai da na harare shi. Manaja kam ko kallon yaron bai yi ba, sai ma ce wa baƙon yake ai dama haka muke horar da ma'aikatanmu. Hmm.

Sati biyu ya yi a wajenmu, kafin ya tafi ya bar wa mai otal wata takarda a kaina, ita ce ta jawo min ƙarin matsayi ta kuma haɗa ni rigima da manajan nan. Wannan sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.