Milibolt goma da suka ɓata min mako guda

A shekarata ta uku ta karatun lantarki a Bauchi aka ba mu aikin haɗa amfilifayar bambanci, wadda ke ƙara ƙarfin bambancin da ke tsakanin sigina biyu, ta yi watsi da abin da suka yi tarayya a kai, irin gurnanin 50 Hz da wayoyi ke kwasowa daga wutar NEPA. Na ɗauko taransisto BC547 guda biyu, na haɗa emitocinsu a kan rizisto 10k zuwa -12 V, kowace kolekta kuma na ba ta 4.7k zuwa +12 V. A lissafi, kusan miliamf 1.1 ne zai bi wutsiyar, wato rizisto 10k ɗin, ya rabu biyu daidai, a samu ninki wajen 100.

Ninkin ya fito, amma gurnanin ya ƙi tafiya. Har waya na zarga.

Malamin ɗakin gwaji ya leƙo, ya ce, "Kai yaro, sa bes ɗin biyu a ƙasa, a sifirin bolt, ka auna tsakanin kolektocin." Mita ta nuna kusan bolt 1 inda ya kamata a ga sifiri. Na ce, "Malam, ai lambarsu ɗaya." Ya ce uwa ɗaya ba ta sa hali ɗaya.

Da na auna, Vbe ɗinsu, wato bolt ɗin da ke tsakanin bes da emita, ya bambanta da milibolt 10. Abin kamar ba komai ba, amma ya isa ɗaya ta kwashe kashi 60 na karant ta bar wa ɗayar 40. A nan CMRR ke lalacewa, wato ninkin bambanci a raba da ninkin abin tarayya. Idan gurnanin bolt 1 ya shigo bes biyun tare, karant ɗin wutsiya zai motsa da miliamf 0.1. Da rabon daidai yake, kolektocin za su sauka tare, mita ba za ta ga komai a tsakaninsu ba. Da rabon 60 da 40 kuwa, wajen milibolt 90 ne ke tsira, ninkin 0.09 ke nan. Raba 100 da 0.09, ka samu dubu da ɗoriya, kusan desibel 60.

Na zauna da taransisto ashirin ina aunawa ɗaya bayan ɗaya, har na samu biyu da ba su wuce milibolt 1 tsakani ba. Abin da ke tsira ya dawo kamar milibolt 9, desibel 80 ke nan, muddin rizistocin kolekta su ma sun yi daidai.

Aunawar ma da tarkonta. Vbe na sauka kusan milibolt 2 a kowane digiri na zafi, don haka ɗumin yatsa kaɗai ya isa ya yaudare ka, sai da filaya nake kama su. Daga baya na manna bayansu da gam don zafinsu ya zama ɗaya, domin fankar silin kaɗai, a zafin Afrilu na Bauchi, tana sa lambar mita yawo.