Kar ku canza aiki da fanni lokaci guda, ni na gwada na sha wuya

Ƙannena, shekara 16 na yi ina aikin koli, wato kayan aike, a wata tashar motocin safara a Tawa, ni ke karɓar kaya in rubuta bordero in loda, in mota ta iso daga Yamai ko Agadas in sauke in ƙirga. Ina da shekara 43 aka rage ma'aikata, sunana na ciki.

Kuskurena na farko, zuciya ta ɗebe ni na ce na gama da duk abin da ya shafi kwali da sito. Na kwashi jika 250 cikin kuɗin sallama na biya horon haɗa sola, saboda kowa na cewa nan kuɗi suke. Wata 5 ina hawan rufin kwano da yara sa'o'in 'ya'yana, sun fi ni sauri, sun fi ni sanin waya, kuma ba wanda ya san ni a harkar balle ya kira ni. Na canza aikin hannuna, na canza fannin, duka a tare, sai ya zama shekara 16 ɗin nan ba ta ƙara mini ko dala ba.

Wani yayana da ke aiki a Yamai shi ya zaunar da ni, ya ce kawo kaye, raba shafi uku. Gefe ɗaya rubuta abin da hannunka ke yi tun safe har dare, ban da sunan muƙami. Tsakiya, shaidar da za ka iya nunawa. Ƙarshe, wane ne kuma ke biyan kuɗi a yi masa wannan.

Da farko na rubuta "ina da haƙuri, ina da gaskiya", ya soke, ya ce kowa haka yake cewa. Sai na sake: ina karɓar koli wajen 120 a rana in gwada su da bordero kafin in sa hannu, ina ƙirgar sito duk ƙarshen wata, in kaya ya ɓace ina bin sawunsa tasha tasha har a gano, ina riƙe kes in cika lissafi da yamma, ina tsara aikin 'yan dako 6. Shaida kuwa atestasiyon ɗin aiki da tsohon shugabana da ya yarda a kira shi. Da muka zo layi na uku ni kaina na yi mamaki, depo na magani, siton ƙungiyoyin agaji, masu sayar da siminti, 'yan kasuwar albasar Galmi, duk suna neman mai wannan hannun, sunan kawai ke bambanta, su magazinye suke cewa, wato mai kula da sito. Watanni ina wuce sanarwar magazinye a allon ANPE, ofishin gwamnati na masu neman aiki, ban taɓa tsayawa ba, don ni a kaina "mai koli" ne.

To a nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Wani depo na magani ya kira ni ganawa, na shiga da ƙarfin gwiwa na ce ai kwali kwali ne. Matar ta ce to Malam, ga kwali biyu na magani iri ɗaya, ɗaya ya shigo watan Janairu zai lalace Disamba, ɗaya ya shigo Maris zai lalace Yuni, wanne za ka fara fiddawa? Na ce na Janairu mana, wanda ya riga zuwa shi ke riga tafiya, haka muke yi a tasha. Ta rufe dosiyena a hankali. A magani wanda zai riga lalacewa shi ake fara fiddawa, na Maris ke nan. Ban san lambar lo ba, wadda da ita ake janye magani in an gano matsala, ban san allurar rigakafi na zama a firigo tsakanin digiri 2 da 8 ba, ana duba zafin safe da yamma a rubuta.

Shafin nan nawa ashe da saura, layi na huɗu, abin da sabon wurin ke buƙata wanda ba ni da shi. Kuma ba a zaune ake cika shi ba, sai ka tambayi mai yin aikin. Na samu wani magazinye muka sha shayi sau biyu, na ce faɗa mini abin da sabon zuwa ke ɓatawa. Shi ya nuna mini fish ɗin sitok, ya sama mini sitaj na sati 3 ba biya, da dare kuma ina zuwa siber ina koyon Excel, tarawa da tacewa kawai, jika 15 na kashe.

A CV na cire "mai koli" daga sama, na sa ayyukan da adadinsu da kalmomin da ke cikin sanarwarsu. Wani depo daban ya ɗauke ni mataimakin magazinye, albashin ya gaza na tasha da jika 20, kuma wanda ke sama da ni ya girmi ɗana da shekara 4 kacal. Na karɓa. Bayan wata 14 ya tafi, aka miƙa mini makullin sito.