Talata: ba iska ba ce, maƙoƙo ne ya tashi

Yanzu na shigo gida, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Bari in rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni.

Bayan azahar aka kira ni ɗakin gaggawa, wai an kawo wata Bahaushiya daga Agege, tana ta fizge-fizge, ba wanda ke jin abin da take faɗa. Matashiya ce, ba ta wuce talatin ba, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Surukarta na riƙe da ita, tana ganina ta ce, "Likita, iska ce. Mun yi ruƙiyya, mun yi allurar maleriya a kemis, abin sai gaba yake yi."

Zafin jikinta 39.8, bugun zuciya 152 a minti, kuma ba a jere yake tafiya ba. Tun jiya take amai da gudawa. A Legas duk mai zazzaɓi da sambatu, maleriyar ƙwaƙwalwa ake fara zargi, kuma daidai ne a gwada. An gwada, babu. Da na sassauta mayafinta sai ga maƙoƙo a wuya, idanu sun firfito, yatsu na karkarwa. Na ce, "Hajiya, akwai maganin da take sha kullum?" Ta ce akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, amma ta daina tun kafin azumi, tunda ta ji sauƙi kuma kuɗin ya yi yawa. Kabimazol ne, maganin rage yawan sinadarin da maƙoƙo ke ƙerawa. Ga fitsarinta kuma ya nuna ciwon sanyi. Barin magani da wata cuta a kai, su ne suka fi tayar da guguwar tayirod, wato yawan sinadarin maƙoƙo ya rikita jiki gaba ɗaya har rai ya shiga haɗari.

Akwai ma'aunin Burch da Wartofsky na 1993, maki 45 zuwa sama na nuna guguwar. Zazzaɓinta kaɗai maki 25 ne, bugun zuciya wani 25, tun ba a lissafa ruɗewa da gudawa ba. Mun ɗebi jini don gwajin TSH da T4, masu nuna yadda tayirod ke aiki, amma ba mu zauna jiran sakamako ba. Gwajin ma ba ya raba mai guguwa da mai yawan sinadarin kawai, jikin mara lafiya ne ke rabawa.

Aka sa mata ruwa a jijiya da iskar oksijin, aka lulluɓe ta da tawul mai sanyi, aka ba ta farasitamol. Mijinta ya ciro asfirin daga aljihu, na ce, "Malam, mayar da shi." Asfirin yana kwance sinadarin tayirod daga furotin ɗin da ke riƙe da shi a jini, ya ƙara wa wutar fetur.

Kafin furofaranolol, maganin rage gudun zuciya, sai da na saurari ƙirjinta, na latsa ƙafafu, na tambayi ko tana da asma. Nan ake yin asara. Idan zuciya ta riga ta gaji, ruwa ya taru a huhu, wannan magani zai iya kayar da awon jini warwas. Huhunta fes, awon jini 140/60, sai muka ba ta miligiram 60, a maimaita duk awa huɗu. Da yake ba ta iya haɗiya, niƙa ƙwayoyin aka yi aka ɗura ta robar hanci.

Sai maganin tayirod mai suna PTU, miligiram 600 a tashin farko, daga nan 250 duk awa huɗu. Shi ke hana maƙoƙon ƙera sabon sinadari, yana kuma rage juyawar sinadarin T4 zuwa T3, wanda ya fi ƙarfi, shi ya sa ake fifita shi a kan kabimazol a irin wannan rana. A ɗakin maganinmu babu, sai da ƙanin mijin ya zaga kemis-kemis a cikin go-sulo. Kafin ya dawo mun ba ta haidirokotizon miligiram 300 ta jijiya, za a ci gaba da 100 duk awa takwas, aka kuma fara maganin ciwon fitsarin.

Ruwan Lugol kuwa, wato ruwan aidin, yana kan tire tun ɗazu, sabon likitan da ke tare da ni sai kallonsa yake. Ya ce, "Anti, tunda shi muke da shi, mu fara da shi mana." Na ce a'a. Aidin yana toshe fitar sinadarin da aka riga aka tara, gaskiya ne, amma shi ne kuma kayan da maƙoƙon ke ƙera sinadarin da shi. In ka ba shi kafin PTU ya rufe masana'antar, kayan aiki ka kai mata. Dole PTU ya shiga, a jira aƙalla awa guda. PTU ya shiga 4:10, na rubuta lokacin ɓaro-ɓaro a kati saboda masu canjin aiki, Lugol ɗigo 8 ya biyo baya 5:15.

Bayan isha'i bugun ya sauko 118, zafi 38.4, ta gane mijinta har ta tambayi ɗanta. An mayar da ita sashen kulawa ta musamman. Na bar saƙo a duba hantarta da safe, don PTU kan taɓa hanta, sannan a samo na gobe tun yau, kwalin da aka kawo ba zai kai jibi ba.