Tambayar da kyaftin zai iya amsawa bayan an lallasa su

A aikin ɗauko labarin wasanni, hirar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ake yi da kyaftin a bakin fili bayan an yi wa ƙungiyarsa ruwan ƙwallaye. Lokacin kaɗan ne, da wuya a ba ka damar wuce tambaya uku kafin jami'in yaɗa labaran ƙungiyar ya janye shi. Mutumin yana haki, gumi bai bushe ba, bai kalli bidiyon wasan ba, bai ma ji abin da kocinsa zai faɗa ba. Ni kuwa na kalli wasan daga sama, na ga maimaicin kowace ƙwallo. Na fi shi sanin yadda aka ci su, ya fi ni sanin abin da aka faɗa a cikin fili. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, tambayar adalci ita ce wadda amsarta take hannunsa.

Saboda haka shiri yana farawa tun ana wasa. Da zarar na ga tazarar ta kai ƙwallo uku, sai in raba takardata gida biyu. Gefe ɗaya na koci ne: wa aka sa, wa aka ajiye a benci, tsarin da aka fito da shi, canjin da aka yi ko aka makara ba a yi ba. Ɗaya gefen na kyaftin ne: magana da 'yan wasa, daidaita layin baya, wa zai riƙe wa a bugun kusurwa, da yadda aka tashi bayan an zura musu ƙwallo. Dokokin wasan ƙwallon ƙafa da kansu sun ce kyaftin ba shi da wani matsayi ko gata na musamman, sai dai yana ɗauke da wani kaso na alhakin halayyar 'yan wasansa. Idan ka tambaye shi dalilin da ya sa aka ajiye wane, ka sa shi tsaka mai wuya: ko ya soki kocinsa a bainar jama'a, ko ya ba ka amsar da ba ta da komai a ciki. Kusan kullum ta biyun yake zaɓa, kuma ban ga laifinsa ba.

Wasan da nake gwada wannan da shi, in ina nuna wa sababbin abokan aiki, shi ne na Brazil da Jamus a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya, ranar 8 ga Yuli 2014 a Belo Horizonte, inda Jamus ta lallasa Brazil 7-1. David Luiz ne ya ɗaura kambin kyaftin na Brazil a daren, domin an dakatar da Thiago Silva saboda katin gargaɗi, Neymar kuma ya ji rauni a baya a wasansu da Kolombiya. Müller ya ci ta farko a minti na 11 daga bugun kusurwa, babu kowa a jikinsa. Daga nan Klose ya ci a minti na 23, Kroos ya ƙara biyu a na 24 da na 26, Khedira ya ci a na 29. Ƙwallo huɗu cikin minti shida.

A ce kai ne riƙe da makirufo. Tambayar da za ta fara zuwa bakinka ita ce, "Yaya kake ji?" Fuskarsa ta riga ta amsa wannan. David Luiz ya fito yana kuka, ya nemi gafarar 'yan Brazil, kuma duk mai kallo ya gani ba sai an tambaya ba. Ta biyu da ke zuwa da sauƙi ita ce, "Ba ka ganin kun kunyata ƙasarku?" Wannan hukunci ne aka sa masa alamar tambaya. In ya ce e, ka samu kanun labari amma ba ka ƙaru da komai ba. In ya ce a'a, gobe a ce ba shi da kunya. Hanyar da nake gane irin wannan tambayar ita ce in karanta ta a zuci, in ga ko na riga na san amsar da nake so ya bayar. In na sani, sai in soke ta. Haka kuma "da Neymar yana nan da hakan ta faru?" Ba shi da hanyar sani, kuma ka buɗe masa ƙofar fakewa da wanda ba ya filin.

Wadda zan fara da ita ita ce: "Kyaftin, tsakanin minti na 23 da na 29 an ci ku huɗu. Bayan ta biyu ta shiga, me kuka ce wa juna kafin a sake take ƙwallo?" Babu wanda zai musa lissafin, ba ta ɗora laifi a kan kowa ba, kuma kyamara ba ta ɗauko amsar ba. Shi kaɗai da abokansa suka san ko an yi magana, ko kowa ya sunkuyar da kai ya koma wurinsa. In ya ce babu wanda ya ce uffan, wannan babban labari ne, kuma daga bakinsa ya fito, ba ni na cusa masa ba.

Adalci ba sassauci ba ne, kuma a nan ne nake saɓa wa masu cewa a bar mutum ya huce kawai. Magoya baya sun cancanci bayani. A ƙwallon farko David Luiz ne ya iso wurin Müller a makare, don haka wannan tana cikin gefensa na takarda, dole a taɓo ta. Bambancin yana wajen ginin jimlar. "Me ya sa ka bar Müller?" ta riga ta yanke cewa shi aka ba wa Müller, alhali daga sama ba na iya sanin ko mutum-da-mutum suka shirya tsarewa ko kowa da yankinsa, ko kuma wani ɗan Jamus ne ya tare masa hanya. Sai in ce: "A bugun kusurwar farko Müller ya samu kansa shi kaɗai. Yaya kuka tsara tsaron, kuma a ina ya warware?" Tambayar tana da kaifi, amma ta bar masa wurin da zai ce laifina ne, ko ya bayyana abin da ban gani ba.

Jerin ma yana da tasiri. Ba na farawa da wadda ta shafi kuskurensa, domin in ya rufe tun a farko sauran sun tafi a banza. Ba na kuma ajiye ta a ƙarshe, saboda ana iya janye shi kafin in kai. Tana zama ta biyu. Ta ukun takan kalli abin da ke gabansa a matsayin jagora, kuma a wannan misalin akwai wasan neman na uku da Holand bayan kwana huɗu: me zai faɗa wa 'yan wasan in ya shiga ɗakin canza kaya?

Kowace tambaya jimla ɗaya ko biyu, abu ɗaya tak a ciki. In ka haɗa biyu, zai ɗauki mai sauƙin ya bar maka mai wuyar. Kuma duk wannan shirin ina riƙe shi ne da sako-sako: in a amsar farko ya ce "mun daina jin juna a baya", sai in ajiye takardar in ce, "Tun daga wane minti?"